Kwano Nawa Ke Cikin Buhun Shinkafa? Lissafin Mai Awo Daga Sari Zuwa Gwangwani

Ka tambayi kowa a kasuwar Singa ko ta Rimi a Kano, kwano nawa ke cikin buhun shinkafa mai kilo 50, nan take zai ce maka ashirin. Lissafin ba daga sama ya faɗo ba. Kwanon awo na Kano, wanda wasu ke kira tiya, yana ɗaukar kimanin kilo biyu da rabi na shinkafa, kuma idan aka raba hamsin gida biyu da rabi, ashirin ake samu. Matsalar ita ce ashirin ɗin nan a baki ta fi zama. Da wuya mai awo ya farke buhu, ya auna da kwanonsa da hannunsa, ya sayar wa mutane iri-iri har buhun ya ƙare, sannan kuɗin kwano ashirin cif su shigo aljihunsa. Masu ƙaramin jari da yawa sun karye a tsakanin wannan ashirin ta baki da abin da ke fita daga buhu a zahiri, ba tare da an yi musu sata ba, ba kuma don sun rasa ciniki ba.

Mu ɗauki misalin wata uwar gida da ke awo a zaurenta a wata unguwa ta cikin birni. Kuɗaɗen da za mu yi aiki da su na misali ne, domin farashin shinkafa ba ya zama wuri ɗaya. Kowa sai ya cire su ya sa na ranar da yake ciki. Ta aiki ɗanta Singa ya saro buhu ɗaya a kan naira 60,000. Ta raba wa kwano ashirin, ta ga kowane kwano ya tsaya mata a naira 3,000. Sai ta ɗora ɗari biyu, ta ce kwano 3,200 ne. A zuciyarta, idan buhu ya ƙare tana da ribar naira 4,000. Maƙwabta suka yi ta aiko yara saboda ta fi mai shagon bakin layi sauƙi, buhu ya ƙare da wuri. Da ta zazzage kuɗin ta ƙirga, sai ta tarar da naira 59,200. Ko kuɗin da aka miƙa wa mai sari ba su dawo ba.

Kuskure biyu ne suka haɗu a nan. Ba ta san ainihin abin da buhun ya ci kafin ya iso zaurenta ba, sannan ba ta san ainihin kwanon da ke cikinsa ba. Duk lissafin awo a kan waɗannan lambobi biyu yake tsaye: wadda za a raba, da wadda za a raba da ita.

Ta farko ta fi sauƙin kamawa. Kuɗin buhu ba shi ne abin da aka ba mai sari kaɗai ba. Ɗan dako ya fitar da buhun daga cikin kasuwa zuwa bakin titi, ya karɓi naira 300. Mai a-daidaita-sahu ya kawo yaron da kayan har ƙofar gida, idan aka haɗa da kuɗin tafiyarsa ya kama naira 1,200. An sayi ledar ƙulli ta naira 500. Jimla, buhun ya sauka a kan naira 62,000, kuma wannan ita ce uwar kuɗi. Wanda ke da shago ko rumfa sai ya ƙara kason buhun daga kuɗin haya da rasit ɗin kasuwa: idan yana biyan naira 6,000 a wata, yana kuma ƙarar da buhu goma sha biyu na kaya daban-daban, to kowane buhu ya ɗauki naira 500. Idan ta hannun dillali aka saya, la'ada ma ta shiga. Abin da ke sa a manta da waɗannan ƙananan kuɗaɗe shi ne ba tare da kuɗin buhu suke fita ba. Ana ciro su daga gefen zane ko aljihun gaba, ɗari uku nan, dubu can, sai a ɗauka kuɗin zirga-zirgar yau da kullum ne. Alhali buhun ne ya jawo su, shi ya kamata ya biya.

Inda kwano ɗaya da rabi ya shige

Lamba ta biyu ce mai wuyar sha'ani, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe.

A ƙasar Hausa da cika ake sayar da hatsi, amma masana'anta da nauyi take ɗura buhu. Kwano ba ya sanin kilo. Idan kwanon uwar gidan nan, da tozon da take yi masa, yana ɗaukar kilo 2.6 maimakon 2.5, ido ba zai ga bambancin ba, don giram ɗari ne kawai, bai kai cikin gwangwanin madara ba. Amma a maimaita shi sau ashirin, an tafi da kilo biyu. Buhun da aka zata kwano ashirin ne ya koma sha tara da ɗan abin da ba a rasa ba. Ba a zubar da komai ba, ba a ba kowa kyauta ba, tozo kaɗai ya cinye kusan kwano guda.

Tozon kuwa ba ɗaya ba ne a hannun kowa. Wani yana zubawa har sai ƙwayar ta fara gangarowa da kanta, ya tsaya nan. Wani yana tare gefen kwanon da tafin hannu ya ƙara tudu. Wani yana girgiza kwanon kafin ya cika, ƙwayar ta zauna, ya ɗauki fiye da na wanda bai girgiza ba. Ko a gida ɗaya, awon uwa daban, na 'yarta daban. Shi ya sa adadin da maƙwabcinka ya samu a buhunsa ba naka ba ne, ko da kamfani ɗaya kuka saya a rana ɗaya.

Irin shinkafar ma yana da tasa rawar. Doguwar ƙwaya wadda ba ta karye ba tana barin sarari tsakaninta a cikin kwano, saboda haka kwanon ya fi saurin cika, buhu kuma ya fi auki wajen awo. Wadda karairayi suka yi wa yawa tana cushewa, ƙananan suna toshe sararin da manyan suka bari, sai kwano ya yi nauyi, adadin kwanon buhu ya ragu. Abin lura ne wannan ga mai sari, domin shinkafar da ta fi araha a buhu sau da yawa ita ce mai karairayi. Ana iya yi maka ragin dubu biyu a kasuwa, awo ya karɓe su a gida.

Sannan akwai buhun kansa. Rubutun kilo 50 a jikinsa ba shaida ba ce cewa hamsin ɗin na ciki. Akwai buhunan da ake farkewa a rage a sake ɗinkewa, akwai waɗanda ƙugiya ko ƙusar mota ta huda suka tsiyaye a hanya, akwai wanda ɓera ya rigaya kowa ɗanɗanawa a sito. A duba ɗinkin baki: na masana'anta layi ɗaya ne miƙaƙƙe, idan kuwa aka ga ramukan tsohon ɗinki a gefen sabo, an taɓa buɗewa. Mafi kyau a ɗora shi a sikeli tun a gaban mai sari. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Shinkafa 'yar gida, irin wadda ake turarawa ake cashewa a Kura da garuruwan da ke kewaye da ita, tata matsalar daban ce. Ita galibi a gabanka ake auna ta a zuba, babban buhu kwano arba'in, don haka za ka ga kamar ba sauran shakka. Sai dai kwanon mai sayarwa ne ya yi arba'in ɗin, ba naka ba. Kuma idan sabuwar turara ce wadda ba ta gama shan rana ba, za ta ci gaba da bushewa a wurinka, musamman da hunturu, ƙwayar ta tsuke, awo ya ragu. Masana harkar ajiya suna so danshin shinkafa kada ya wuce kashi 14 cikin ɗari. Mai awo ba shi da na'urar gwada wannan, amma yana da haƙori: busasshiyar ƙwaya ƙas take karyewa, mai danshi kuwa lanƙwasawa take ko ta dagargaje ba ƙara. Idan kuma za ka sheƙe ta ka tsince tsakuwa da baƙin ƙwaya kafin ka sayar, abin da ka fitar ɗin ma kuɗi ka biya a kansa.

Maganin duk wannan guda ɗaya ne, kuma ba ya cin ko kwabo. Ranar da buhu ya iso, a shimfiɗa tabarma ko babbar leda, a samu wani buhu ko babbar roba, wanda zai riƙa sayarwar ya aune shinkafar gaba ɗaya da kwanon da zai yi ciniki da shi, da irin tozon da yake yi wa mai saye, yana ƙirgawa. Ba awon tsumulmula na mai son lamba ta yi yawa ba. Abin da ya fito a rubuta a jikin kwali ko littafi tare da sunan shinkafar da inda aka saro ta. Bayan buhu uku ko huɗu, mutum zai san wace shinkafa ce ke ba shi sha tara, wace ce ke tsayawa a sha takwas da rabi, kuma wannan sanin ya fi kowane ragi amfani ranar da ya koma sari.

Uwar gidanmu da ta yi haka, sha tara ta samu. Amma ko sha taran ba duka ke zama kuɗi ba. Akwai gyara, ɗan tafin da ake ƙara wa mai saye bayan an gama awo, wanda in an hana shi sai a ce mai awon nan ba ta da hannu. Akwai ƙwayar da ke warwatsewa ƙasa a kowane zubi, kaji su tsince. Akwai garin da ke taruwa a gindin buhu wanda ba wanda zai saya da kuɗin shinkafa. A haɗa su, rabin kwano ya tafi. Abin da ake sayarwa a zahiri kwano sha takwas da rabi ne. A ninka shi da 3,200, ga naira 59,200 ɗin da ta ƙirga. Faɗuwarta naira 2,800 ce idan aka auna da uwar kuɗi ta gaskiya.

Yanzu sai a sake lissafin daga tushe. A raba 62,000 da 18.5, za a samu kimanin naira 3,350. Wannan shi ne abin da kowane kwano ya tsaya mata, kuma duk abin da ta karɓa ƙasa da haka daga jarinta take yanka. A kan wannan za a ɗora riba. Idan ta sa 3,600, buhu zai kawo 66,600, ribarta 4,600, wato naira bakwai da ɗoriya a kan kowace ɗari da ta zuba. Ba riba ce mai kauri ba, kuma haka shinkafa take: abinci ne da kowa ya san kuɗinsa, ba a iya tsawwala masa. Saurin juyawa ke ciyar da mai awo. Ribar 4,600 a buhun da ke ƙarewa cikin kwana biyar sana'a ce. A buhun da ke wata guda a zaure, ko kuɗin sabulu ba ta kai ba.

Wannan hanya ba ta Kano kaɗai ba ce. A Kaduna da Jos da Abuja mudu ne ke ci, kuma ya fi kwanon Kano ƙanƙanta, saboda haka adadinsa a buhu ya fi yawa. A Maraɗi da Damagaram da tiya ake awo, ana ciniki da sefa, kuma buhu mai kilo 25 ya yawaita. Sunan ma'auni da kuɗin ne ke canzawa, rabawar tana nan yadda take.

Gwangwani

Yawancin masu zuwa zaure ba kwano suke saye ba. Yaro ne da naira ɗari biyar a hannu, an aiko shi gwangwani biyu na abincin rana. A nan ne masu awo suke sake zamewa, domin sai su ɗauki kuɗin kwano su raba kai tsaye. A ce kwanonta gwangwanin madara sha shida ne idan aka juye shi a natse. A raba 3,600 da sha shida, naira 225 ke nan, kuma kamar magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Kwano tozo ɗaya gare shi da gyara ɗaya. Idan aka sayar da shi gwangwani-gwangwani, kowane gwangwani da nasa tozon, kowane mai saye da tasa gyarar da tasa ledar. Sha shidan nan a hannun ciniki sha biyar take komawa. To a lissafa daga buhu: kwano 18.5 sau sha biyar, gwangwani 277 ke nan. A raba 62,000 da 277, kowane gwangwani ya tsaya a naira 224. Ashe 225 ɗin da aka zata da riba a ciki, uwar kuɗi ce tsagwaronta, tun ma ba a sa ƙarin leda ba.

Ga kuma matsalar canji. Naira biyar da goma da ashirin sun yi wuyar gani a hannun mutane, don haka farashin da ya faɗa tsakanin 200 da 250 dole ya gangara ko ya haura. Idan ya gangara zuwa 200, kwano ya koma naira 3,000, ana faɗuwar 350 a kowanne. Idan ya haura zuwa 250, buhu zai kawo naira 69,250. A cire ƙarin leda na kamar dubu ɗaya, riba ta ɗan wuce dubu shida. Wasu na kauce wa canji da cewa biyu 450, suna ganin sun raba gardama, alhali sun koma kan 225 ɗin nan ne.

Akwai abin da ke taɓa zuciya a wannan lissafi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Wanda ya fi kowa rashi, mai sayen gwangwani, shi ke biyan shinkafa mafi tsada. Ba zaluncin mai awo ba ne, don wahalarta da ledarta sun fi yawa a kansa. Amma tunda 250 ya bar sarari, a ganina nan ne ya dace a sakar masa hannu: a cika masa gwangwani sosai, mai sayen huɗu a karɓi 950. Sauƙin da aka lissafa shi ke ɗorewa, domin mai yin sa ba za ta wayi gari ba jari ba.

Idan farashi ya motsa buhu yana rabi

Wanda ya yi awo a 'yan shekarun nan ya san wannan da jikinsa. Da aka rufe iyakokin ƙasa na Nijeriya a watan Agustan 2019, shinkafa ta tashi. Da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, kayan abinci suka bi shi. A irin wannan lokaci, lissafi da kuɗin da aka saro jiya tarko ne.

A ce uwar gidan ta gyara lissafinta, tana sayarwa 3,600, sai buhu ya koma 66,000 a Singa. Da dako da mota da leda, sabon buhu zai sauka a kan 68,000. Ita kuwa 66,600 za ta tara. A takarda ta ci ribar 4,600, amma ko ba ta taɓa ko naira ɗaya ba, tana neman cikon 1,400 kafin ta mayar da buhun da ta sayar. Jarin mai awo buhu ne, ba adadin naira ba. Don haka tambayar da ta dace kullum ita ce nawa ake sayar da buhu yau. Da sabon farashi, kwano ya tsaya a kusan 3,680, kuma in ana son riba irin ta da, sai a kai shi wajen 3,900. Waya ɗaya zuwa ga mai sari a tsakiyar mako ta isa a san inda ake.

Amma wanda ya bi kasuwa sama, wajibi ne ya bi ta ƙasa. Da kaka, idan sabuwar shinkafa ta fito daga Kura da Haɗeja da Kebbi farashi ya sauka, wanda ya rage da tsohon buhu mai tsada ba zai ce wa mutane su biya shi tsadar da ya saro ba. Ko ya ce, ba za su biya ba, za su wuce gaba. Gara ya sauke ya ƙarar da sauri ya sari mai araha. Dabarar ita ce kada a cika sito gab da kaka.

To idan lissafinka ya ce 3,600, maƙwabci kuma yana sayarwa 3,400 fa? Kafin ka bi shi, ka sayi kwano ɗaya a wurinsa ka juye a naka. Ko dai kwanonsa ƙarami ne, ko shinkafarsa wata ce daban, ko ya fi ka samun sari mai sauƙi, ko kuwa yana kan hanyar da uwar gidan nan ta bi da farko bai sani ba. Idan sarinsa ne ya fi, abin koyo ne. Mutum biyar da suka haɗa kuɗi suka ɗauko buhu biyar a mota ɗaya kan naira 2,500, kowa ya biya 500 maimakon 1,200, wanda ya rage kusan naira arba'in a kwano, kuma mai sayen buhu biyar ya fi bakin neman ragi. Abin da ba hanya ba ne shi ne a taɓa ma'auni: a bubbuge gindin kwano ya shige ciki, ko a saya da babba a sayar da ƙarami. Sura guda ce a Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifina, ta buɗe da gargaɗin masu tauye mudu, kuma matan unguwa suna da nasu kwanon a gida, suna juyewa su gani.

Ko lissafi ya yi daidai, akwai ƙofofi biyu da riba ke fita ta cikinsu. Ɗaya tukunyar gida ce. Kwano ɗaya da aka ɗiba aka dafa wa yara ya tafi da 3,600 daga cikin 4,600 ɗin da ake jira. Ba laifi ba ne a ci daga abin da ake sayarwa, sai dai a saya kamar kowa, a jefa kuɗin cikin na ciniki, ko a rubuta. Ɗayar kuma bashi ne. Ribar kwano naira 250 ce, uwar kuɗinsa 3,350. Idan kwano ɗaya ya tafi bashi bai dawo ba, sai an sayar da kwano goma sha huɗu kafin ribarsu ta cike gurbinsa, wato kusan buhun gaba ɗaya an yi wa mutum ɗaya aiki.

Hanyar gane inda abin yake yoyo ita ce a ware wa kuɗin shinkafa mazubinsu daban, kada a haɗa da na manja ko na magi, kuma kada a farke sabon buhu sai an ƙirga na tsohon. A haɗa kuɗin hannu da bashin da aka rubuta da abin da gida ya ci, a gwada da abin da aka sa rai. Idan gibin bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, canji ne da ragin da ake yi wa na hannu. Idan ya kai kuɗin rabin kwano ko fiye, kuma yana maimaituwa buhu bayan buhu, to hannun mai awo ya fi abin da aka lissafa sakewa, ko kuma mutum biyu ke awo da tozo daban-daban. Sai a sake aune buhu na gaba a gyara lambar da ake rabawa da ita. Idan kuwa buhu ɗaya ne ya zo da gibi mai yawa alhali na baya sun yi daidai, a koma ga littafi a duba kwano nawa aka samu ranar da aka farke shi, da wurin wanda aka saro shi.